Wasiƙar Kuɗin Hidima: Yadda Mai Gida Ke Kaiwa Ga Jimla

A gidajen haya masu sashe-sashe a Abuja da Kaduna da sababbin unguwannin Kano, kuɗin haya ba shi kaɗai ɗan haya ke biya ba. Akwai kuɗin hidima, wato na mai gadi da shara da ruwa da fitilun farfajiya, abubuwan da kowa ke mora amma ba na mutum ɗaya ba ne. Sau da yawa saƙon da ke zuwa layi ɗaya ne: bana kowa zai biya kaza. Daga nan ake fara gunaguni a bakin ƙofa. Wasiƙar kirki kuwa tana nuna hanyar da aka bi aka kai ga wannan adadi.

A ɗauki misalin bene mai sashe 6, da alƙaluman da aka ƙaddara don bayani. Mai gida ya rubuta cewa albashin mai gadi naira 50,000 ne a wata, wato 600,000 a shekara. Mai sharar farfajiya na karɓar 20,000, ya kama 240,000, masu kwashe bola kuma 10,000, wato 120,000. Wutar da injin rijiyar burtsatse da fitilun waje ke sha ta kai 30,000 a wata, 360,000 ke nan. Sai abubuwa biyu da ba na kowane wata ba: yasar shadda sau ɗaya a kan 120,000, da gyaran injin ruwa a kan 60,000. Jimla naira 1,500,000. Aka raba gida 6, kowane sashe ya tashi da 250,000.

Lissafin da aka shimfiɗa haka, ɗan haya zai iya bin sa da biro cikin minti biyar. Amma inda ya kamata ya fi zuba ido shi ne layin ƙarshe, wurin rabo. A ce sashe ɗaya ya shekara babu kowa a ciki. Idan aka raba jimlar gida 5, kason kowa ya koma 300,000, ƙarin 50,000 ke nan ba tare da an ƙara ko kwan fitila ɗaya ba. Mai gadin nan yana tsaron sashen da ke rufe kamar yadda yake tsaron sauran, don haka adalci shi ne mai gida ya ɗauki kasonsa, sai dai in yarjejeniyar haya ta faɗi wani abu dabam tun farko. Haka kuma idan mai gida da iyalinsa ne ke zaune a ƙasa. Akwai ma gidajen da rabon daidai ba ya yi musu: gwauro mai ɗaki ɗaya da magidanci mai iyali goma ba sa shan ruwa iri ɗaya, shi ya sa wasu ke raba kuɗin ruwa bisa yawan ɗakuna. Ko wace hanya aka bi, wasiƙa ta faɗe ta a fili.

Abu na biyu shi ne abin da bai kamata ya shiga jerin ba. Gyaran injin ruwa hidima ce. Haƙa sabuwar rijiya, ko sauya kwanon rufi, ko ɗaga katanga, ƙarin daraja ne ga dukiyar mai gida, wadda za ta zauna bayan ɗan haya ya kwashe kayansa. Layin da aka rubuta wa "sauran abubuwa" da adadi mai kauri shi ma abin tambaya ne. Wutar farfajiya kuwa, in ba ta da mitarta daban, adadin da aka rubuta kintace ne kawai.

Masu gida su ma suna da uzurinsu. Bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, da ƙarin kuɗin wuta ga 'yan rukunin Band A a Afrilun 2024, ƙiyasin da aka yi a farkon shekara kan ƙare tun ba a je ko'ina ba. Maganin wannan shi ne wasiƙa ta nuna abin da aka karɓa bara da abin da aka kashe, sannan a cire rarar daga kuɗin bana ko a ƙara giɓin a kai.

A Legas doka ta shiga maganar. Dokar haya ta jihar, ta 2011, ta wajabta ba da rasit na daban a kan kuɗin hidima, ta kuma ba ɗan haya haƙƙin samun rubutaccen bayanin yadda aka kashe kuɗin aƙalla duk bayan wata shida. Wanda ke wata jihar zai iya neman a rubuta irin wannan sharaɗi cikin yarjejeniya kafin ya sa hannu, har da damar ganin rasit ɗin katin wuta da na masu kwashe bola.