Yadda Ake Gaya wa Manhajar Bidiyo Abin da Ba a So

A ce mai shagon ɗinki yana son tallan daƙiƙa 8: tela na tura yadi a ƙarƙashin allurar keke. Ya rubuta bayani, manhajar ƙirƙirarriyar basira ta haɗa masa bidiyo mai kyau. Sai ya duba da kyau ya ga yatsu shida a hannun telan, allon bango cike da haruffan da ba na kowane harshe ba, ga kuma wani tambari a jikin keken.

Manhajoji irin su Kling da Veo suna karɓar jeri na biyu mai suna `negative prompt`, inda ake zuba abubuwan da ba a so. Manhajar tana fara kowane hoto ne daga dishi-dishi, tana gyara shi mataki-mataki. A kowane mataki takan karkata zuwa babban bayanin, ta kuma nisanci abin da ke cikin jerin. Saboda haka sunayen abubuwa ake sa wa, ba umarni ba. Kamfanin Google ma ya shawarci masu amfani da Veo su guji `no` da `don't` a wurin. Ga abin da zai ishi telanmu:

```
extra fingers, fused fingers, text, subtitles, logo, watermark
```

Wato ƙarin yatsu, yatsun da suka manne, rubutu, fassarar ƙasan allo, tambari da hatimin mai hoto. Hatimin yana da dalili: an horar da irin waɗannan manhajoji da tarin hotunan intanet. A ƙarar da Getty Images ya shigar kan Stability AI a 2023, ya nuna hotunan da hatiminsa ya ɓullo cikinsu a murɗe.

Hannu ne ya fi wahala. Kada a rubuta `hands` kawai, domin manhajar na iya ɓoye hannuwan gaba ɗaya, alhali su ne tallan. Jerin kuma ba ya koya mata zanen yatsu, kautar da ita kawai yake yi. Don haka a taimaka mata a babban bayanin: hannu a shimfiɗe kan yadi, motsi a hankali, bango fili. Idan manhajar tana da `seed`, a bar lambar yadda take, a riƙa ƙara kalma ɗaya-ɗaya don a gane wadda ta yi aiki. Sannan a kalli bidiyon hoto bayan hoto, domin yatsu kan narke ne daidai lokacin da hannu ya juya ko ya gitta wa ɗan'uwansa.

Sunan shago da lambar waya kuwa, a ganina kada ma a nema daga manhajar. Haruffanmu masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ, sukan fito a lalace. A fitar da bidiyon ba rubutu, a ɗora sunan daga baya a CapCut.