Buhu Nawa Ya Fita? Lissafin Uwar Kuɗin Kayan da Aka Sayar

Ranar Laraba ce babbar ranar kasuwar Nima. Tun da asuba ake sauke buhunan masara da gero da wake da suka taho daga Techiman da Tamale da Bawku, masu dako na kai da kawowa, masu abincin sayarwa daga Maamobi da sauran unguwannin Zango suna layin awo. Mai shagon hatsi kan ga kuɗi na shiga aljihu da waya duk yini, amma idan wata ya ƙare ka tambaye shi ribar da ya ci, sau da yawa abin da zai yi shi ne ya ɗebe kuɗin da ya kashe wajen sari daga kuɗin cinikinsa. Wannan lissafi yana yaudara, domin kayan da ka saro a wata ɗaya ba su ne kayan da ka sayar a watan ba. Wasu ka taho da su daga watan baya, wasu kuma suna nan jibge a sito. Abin da ake buƙatar sani shi ne uwar kuɗin kayan da suka fita kawai, kuma ƙa'idar da masu lissafin kuɗi ke bi gajeruwa ce:

Uwar kuɗin kayan da aka sayar = kayan farkon wata + sarin da aka yi − kayan da suka rage

Hikimar da ke ciki ita ce, mai awo ba zai iya bin kowace olonka ya rubuta nawa ta tsaya masa ba. Amma ya san abin da ya fara da shi, ya san abin da ya ƙaro, kuma yana iya ƙirga abin da ya saura. Duk abin da ya shigo kuma babu shi a sito, to ya fita ke nan.

Mu ɗauki misalin wata hajiya mai sayar da wake a Nima. Alƙaluman na misali ne, kowa ya sa farashin kasuwarsa a gurbinsu. Ranar ɗaya ga wata tana da buhu 10, kowanne ya tsaya mata a sidi 1,500, wato sidi 15,000. Wannan adadi ba sabon ƙiyasi ake yi masa ba, shi ne ainihin abin da ta rufe littafin watan jiya da shi, a kwafo shi yadda yake.

A cikin watan, ganin azumi ya matso kuma farashi na hawa, sai ta saro buhu 30 a kan sidi 1,800 kowanne, jimilla sidi 54,000. A nan mutane da yawa ke tsayawa, alhali waken bai iso Accra da ƙafarsa ba. Ta biya kuɗin mota sidi 2,400, ta biya lodi da saukewa da dako zuwa ƙofar shago sidi 600. Duk abin da aka kashe kafin kaya su iso inda za a sayar da su, cikin uwar kuɗinsu yake. Sarin nata ya zama sidi 57,000, kowane buhu ya tsaya a sidi 1,900. Amma hayar shago, da kuɗin wuta, da albashin yaron shago, da kuɗin aboboya da ta kai wa mai saye kaya gida, ba su shiga nan. Waɗannan kuɗin tafiyar da sana'a ne, daga baya ake cire su daga ribar. Da a ce ta mayar wa dila wani buhu saboda ya lalace, ko an yi mata ragi, sai a rage shi daga sarin. Sannan ba a duba ko ta gama biya. Ko rabin kuɗin waken nan bashi ne a kanta, tunda kayan sun zama nata, duka ake rubutawa.

Idan aka haɗa biyun, buhu 40 ne suka ratsa hannunta a watan, a kan sidi 72,000.

Mataki na uku shi ne mai wahala, kuma shi ne aka fi yi wa sakaci. Ranar ƙarshen wata, bayan an rufe ciniki, sai a shiga sito a ƙirga da hannu. Ba a zauna a kan benci a ce ai kamar buhu kaza ne. Buhun da aka buɗe a auna abin da ya rage a ciki. Kayan da wani ya riga ya biya ya bari zai dawo ya ɗauka, ba na mai shago ba ne kuma, haka ma buhunan da maƙwabciya ta ba da ajiya. Hajiya ta ƙirga ta samu buhu 16.

To, a kan wane farashi za a ɗora su, tunda akwai na 1,500 akwai na 1,900? Mai wake ba ya barin tsohon kaya a ƙasa ƙwari su cinye, tsohon yake fara fitarwa. Saboda haka hanya mafi dacewa da ita ita ce a ɗauka cewa wanda ya fara shigowa shi ya fara fita, ragowar 16 ɗin duk daga sabon sari suke. Buhu 16 sau 1,900 ya ba da sidi 30,400. Lissafin ya zama:

15,000 + 57,000 − 30,400 = 41,600

Ana iya gwada amsar ta wata fuskar. Buhu 24 ne suka fita: tsofaffi 10 a kan 15,000, da sababbi 14 a kan 26,600. Jimillarsu 41,600, daidai da na sama.

Littafin cinikinta ya nuna ta sayar da wake na sidi 48,400, har da wanda masu waakye suka ɗauka bashi za su biya ƙarshen mako. A cire 41,600, ribarta kafin haya da sauran ɗawainiya sidi 6,800 ce. Da ta bi lissafin aljihu, ta ɗebe 57,000 daga 48,400, da ta kwana tana salati cewa ta yi asarar sidi 8,600, alhali kuɗin na nan a jingine da bango cikin buhuna. Wata mai zuwa kuma, idan ba ta yi sari ba ta sayar da ragowar, sai ta ga kamar duk cinikin riba ne, ta ƙara zubin susu da abin da yake jarinta ne.

Akwai hanya ta biyu, wato matsakaicin farashi. A raba 72,000 gida 40, kowane buhu ya kama 1,800. Ragowar ta zama 28,800, uwar kuɗin ta hau zuwa 43,200, riba ta sauko zuwa 5,200. Shago ɗaya, ciniki ɗaya, amma tazarar sidi 1,600. Ƙa'idar lissafi ta duniya mai lamba IAS 2, wadda kamfanoni a Ghana ke bi, ta amince da hanyoyin biyu, ta hana ɗauka cewa kayan ƙarshe ne suka fara fita. Ga wanda ke juye tsohon gero da sabo a daro ɗaya, matsakaicin ya fi kusa da gaskiya. Sharaɗin dai a riƙe hanya ɗaya, kada a sauya duk wata don neman adadin da ya fi daɗin ji. Tazarar tana faɗaɗa ne idan farashi na gudu. A Disambar 2022 hauhawar farashi a Ghana ta kai kashi 54.1 cikin ɗari, kuma a irin wannan lokaci ribar da hanya ta farko ke nunawa tana da ruɗi, domin buhun da ya tsaya a 1,500 ba za a maye gurbinsa da 1,500 ba. A ganina mai ƙaramin jari da ke cin abinci daga ribar shago gara ya dubi ƙaramin adadin kafin ya ɗebi kuɗi.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne ɗora ragowar kaya a kan farashin sayarwa. Hajiya na samun sidi 2,200 a buhu, idan ta lissafa 16 ɗin a haka za su zama 35,200, uwar kuɗin ta faɗo 36,800, riba ta kumbura zuwa 11,600. Sidi 4,800 ɗin da suka ƙaru ribar waken da ba a sayar ba ce. Duk sidi ɗaya da aka ƙara wa ragowar kaya, sidi ɗaya ne na ƙarya a cikin riba, kuma tunda ragowar wannan wata ita ce farkon wata mai zuwa, can zai dawo ya ci ribar gaske. Ina jin inda ruɗanin ke tasowa shi ne zakka, domin malamai na koyar da cewa mai shago ya kimanta kayansa da farashin kasuwa na ranar da shekara ta cika. Wancan lissafi daban ne da manufarsa, kada a haɗa littafinsu. A nan farashin kasuwa yana shigowa ne kawai idan ya faɗi ƙasa da uwar kuɗi. Da buhu biyu daga cikin 16 ɗin sun yi ƙwari har ba za su wuce 1,200 ba, da a 1,200 za a rubuta su, asarar sidi 1,400 ta faɗa kan watan da aka gano ta.

Saura abu guda da ƙa'idar ba ta iya faɗa. Ita abin da ya ɓace daga sito take aunawa, ba ta tambayar inda ya tafi. Cinikin 48,400 a kan 2,200 buhu 22 ke nan, amma 24 ne suka fita. Ina biyun? Da hajiya ta yi tunani sai ta tuna buhu ɗaya daga sabon sarin ya tafi gida, an ci an rarraba wa dangi. Ba laifi ba ne, kayanta ne, amma ba ciniki ba ne. A cire 1,900 ɗinsa a rubuta shi a matsayin abin da mai shago ta ɗauka, uwar kuɗin ta koma 39,700, ribar ta zama 8,700. Ɗaya buhun kuwa babu wanda ya ga fitarsa. Ya tafi a gyara da ake yi wa abokan ciniki, da tozon olonka, da tsakuwar da aka tsince, da abin da ya zube ko ɓera ya ja, wataƙila har da hannun da bai kamata ba. Wannan yana zama cikin uwar kuɗin, domin asarar sana'a ce.

Hanyar gane ko irin wannan yoyo ya wuce kima ita ce a riƙa rubuta adadin buhu a gefen kuɗi, sannan a auna ribar da ciniki kowane wata. Ribar 8,700 a cikin 48,400 kusan kashi 18 cikin ɗari ce. Idan wata mai zuwa farashin sari da na sayarwa ba su motsa sosai ba, amma adadin ya faɗo kashi 8, a koma sito a sake ƙirga, a duba ko an manta wani cinikin bashi ba a rubuta ba, ko an shigar da takardar sari ɗaya sau biyu. Sai dai hajiya ta sa rai zai ɗan sauka ko babu yoyo, domin tsofaffin buhunan 1,500 sun ƙare. Sabon shafinta zai buɗe da buhu 16 a kan sidi 30,400, kowanne da tazarar sidi 300 kacal tsakaninsa da farashin da take sayarwa.