Faifai Ya Ɓace Bayan Sabunta Windows

Ka sake saka Windows, ka duba, faifan ajiyarka na biyu babu shi. Kada ka yi gaggawar goge shi, bayananka na nan.

Faifai mai nau'in Dynamic yana ɗauke da shaidar tsohuwar Windows ɗin da ta tsara shi, shi ya sa sabuwar take ganinsa baƙo. Danna Windows da R, ka rubuta:

```
diskmgmt.msc
```

Za ka ga an rubuta Foreign a jikinsa. Danna shi da maɓallin dama, ka zaɓi Import Foreign Disks.

In faifai biyu aka haɗe wuri guda, jona su duka tukuna. Kuma Windows Home ba ta karɓar irin wannan faifai, sai Pro. Convert to Basic Disk kuwa, ka guje shi, share komai yake yi.