Dabarar Hutar da Rabin Ma'aikata: Yadda Ake Hana Kwamfuta Haddar Banza

Geoffrey Hinton, farfesan ilimin kwamfuta a Jami'ar Toronto da ke Kanada, ya taɓa ba da labarin wani abu da ya lura da shi a bankinsa. Duk sanda ya je, sai ya tarar an canja masu karɓar kuɗi a kan kanta. Ya tambayi ɗaya daga cikinsu dalili, shi ma bai sani ba. Sai Hinton ya yi nasa hasashen: cutar banki sai da haɗin baki, haɗin baki kuwa sai an daɗe tare, don haka banki ke yawan sauya musu wuri. A cewarsa, wannan tunanin ne ya kai shi ga dabarar da shi da ɗalibansa suka bayyana a 2012, suka kuma faɗaɗa bayaninta a 2014 cikin wata maƙala da sunan Nitish Srivastava ya zo a farko. A allon kwamfuta ana rubuta sunanta `Dropout`. Mu a nan za mu kira ta dabarar hutarwa, domin aikinta ke nan: a hutar da wasu ma'aikata, sauran su yi aikin.

Su wane ne ma'aikatan? Manhajar da ke gane fuska a waya, ko ta juya magana daga wani harshe zuwa wani, a cikinta akwai wata raga ta ƙananan ƙwayoyin lissafi da aka jera sahu-sahu. Kowace ƙwaya tana karɓar lambobi daga sahun da ke bayanta, ta ninka kowace lamba da wani ma'auni da ake kira nauyi, ta tara, ta miƙa wa sahun gaba. Horo shi ne a yi ta nuna wa ragar misalai, duk lokacin da ta yi kuskure a ɗan murɗa waɗannan nauyaye, har kuskuren ya ragu. Idan an gama horo sai a kafe nauyayen yadda suke, a saki ragar ta fuskanci abin da ba ta taɓa gani ba. Wannan shi ne lokacin aiki.

Matsalar kuwa sananniya ce ga duk wanda ya taɓa koyarwa. Akwai ɗalibin da zai haddace amsoshin jarrabawar bara tas, har da wurin da tawada ta zuba, amma ka juya masa tambaya kaɗan sai ya yi tsuru-tsuru. Babbar raga ta fi kowane ɗalibi iya wannan. Ragar da Alex Krizhevsky ya gina tare da Ilya Sutskever da Hinton, wadda ta lashe gasar gane hotuna ta ImageNet a 2012, tana da nauyaye kusan miliyan 60, alhali hotunan horon nata kusan miliyan 1.2 ne. Wurin ajiyar hadda ya fi abin haddacewa yawa. Alamar cutar ita ce kuskure yana ta raguwa a kan misalan horo, amma a kan misalan da aka ware don gwaji ya tsaya cik, ko ma ya fara hawa. Duk dabarar da ake yi don sa wa raga linzami kada ta faɗa wannan rami, danginsu ɗaya, kuma hutarwa tana cikinsu.

Haɗin bakin da Hinton ke tsoro yana faruwa ne haka. Wata ƙwaya za ta koyi wani abu karkatacce, wata kuma ta koyi gyara mata karkatar. Su biyun tare suna ba da amsa daidai a kan hotunan horo, amma kowace ita kaɗai ba ta san komai mai amfani ba, kuma sabon hoto na zuwa sai asirinsu ya tonu. Maganin shi ne, a kowane taku na horo, a yi wa kowace ƙwaya ƙuri'a. Wadda ƙuri'ar ta faɗa mata sai a mayar da lambarta sifili a wannan takun, kamar ba ta zo aiki ba. A taku na gaba a sake sabuwar ƙuri'a. Tunda ba wadda ta san ko abokiyarta za ta kasance a wurin, dole kowace ta koyi abin da zai yi amfani ko da wa aka haɗa ta. A ragar Krizhevsky, rabi ake hutarwa a manyan sahu biyu na kusa da ƙarshe. Kuma ba kyauta ba ne: su da kansu sun ce dabarar ta kusa ninka yawan zagayen da horo ke bukata kafin ya daidaita.

To, a lokacin aiki fa? A nan ne mutane da yawa ke tuntuɓe. Ba a hutar da kowa. Likitan da ya sa hoton ƙirjin majinyaci a na'ura ba ya son amsar ta danganta da ƙuri'a, yanzu ta ce lafiya, an jima ta ce akwai ciwo. Don haka ana tsayar da ƙuri'ar, kowace ƙwaya ta fito aiki. Sai dai hakan na jawo wata rigima ta lissafi, kuma ƙananan lambobi sun isa su nuna ta.

A ce akwai ƙwayoyi huɗu da ke fitar da 2, 4, 6 da 8, duk suna miƙa wa wata ƙwaya ɗaya a gaba, kuma nauyin kowace 1 ne don sauƙi. Idan duk suna nan, jimla 20 ce. A lokacin horo, ana hutar da kowace da damar rabi da rabi. Yau ƙuri'a ta ɗauke 2 da 6, saura 12. Gobe ta ɗauke 4 da 8, saura 8. Wata rana ukun farko su tafi, wata rana ba wadda ta tafi, amma idan aka daɗe ana yi, matsakaicin abin da ke isa gaba 10 ne. Ƙwayar gaba ta saba da 10, a kan 10 aka daidaita mata komai. Ranar aiki kuwa sai ga 20 ta faɗo mata. Kamar mai tuwo ce da ta saba auna gishirin miyar mutum goma, aka wayi gari hannu biyu na zuba mata gishirin a tukunya ɗaya. Kuma a raga mai sahu da yawa, abin da ya lalace a sahu ɗaya shi ake miƙa wa na gaba.

Hinton da ɗalibansa sun warware wannan ta hanyar rage nauyayen a lokacin aiki: tunda rabi ake hutarwa, sai a raba nauyayen da ke fita daga waɗannan ƙwayoyi biyu. Ashirin ta koma 10, ƙwayar gaba ta ga abin da ta saba gani. Manhajojin yau sun juya abin, suna yin gyaran tun a lokacin horo. Duk ƙwayar da ta tsira daga ƙuri'a sai a ninka lambarta da `1/(1-p)`, inda `p` ke nufin damar hutarwa. Idan `p` rabi ce, ninkin 2 ne. A misalinmu, ranar da 4 da 8 suka tsira sun zama 8 da 16, jimla 24. Ranar da 2 da 6 suka tsira sun zama 4 da 12, jimla 16. Matsakaici ya dawo 20, daidai da abin da za a samu ranar aiki ba tare da taɓa komai ba. Idan kuma ɗaya cikin biyar ake hutarwa, ninkin 1.25 ne. A ganina wannan juyin ya fi hikima, domin wanda zai ɗora ragar a waya ba ya bukatar sanin kason da aka hutar lokacin horo. (Mai karanta tsofaffin rubuce-rubuce ya yi hattara: a maƙalar 2014, `p` damar tsira ce, a PyTorch kuwa damar hutarwa ce. A rabi da rabi ba a ganin bambanci, amma a 0.8 sama da ƙasa ne.)

Me ya sa cikakkiyar ragar ke aiki da kyau, alhali kusan ba a taɓa horar da ita a cike ba? Kowace ƙuri'a tana fitar da wata siririyar raga daban. Ƙwayoyi goma kacal na iya ba da 1,024, kuma duk nauyaye ɗaya suke tarayya a kai. Fito da kowa aiki da ma'aunin da aka gyara ya yi kusa da tara ra'ayin dukkan siraran ragogin nan a ɗauki matsakaici. Kusa ne kawai, ba daidai cif ba, domin tsakanin sahu da sahu akwai lissafin da ba miƙaƙƙe ba. Amma a aikace kusancin ya wadatar.

Raga ba ta san da kanta wane lokaci take ciki ba, sai an gaya mata. A PyTorch ga yadda abin yake:

```python
import torch
d = torch.nn.Dropout(p=0.5)
x = torch.tensor([2., 4., 6., 8.])
d.train(); print(d(x))
d.eval();  print(d(x))
```

Bugu na farko zai nuna wasu sifili, sauran a ninke, kuma yana canjawa duk sanda aka sake. Na biyu kullum 2, 4, 6, 8 ne. Kuskuren da ya fi yawa shi ne mutum ya manta da `model.eval()` kafin gwaji. Kwamfuta ba za ta yi ƙorafi ba, matsakaicin lambobi ma daidai yake, sai dai sakamako ya ɗan ragu, mutum ya yi ta neman laifi inda babu. Wasu na zaton `torch.no_grad()` ta wadatar, alhali ita lissafin gyaran nauyi kawai take tsayarwa, ƙuri'a na nan tana gudana. Kishiyar wannan ta fi ɓoyuwa: an gama gwaji a tsakiyar horo, ba a koma `model.train()` ba, sai horo ya ci gaba babu hutarwa, hadda ta dawo ta bayan gida.

Akwai kuma abin da ke tsorata sabon shiga alhali lafiya ne. Zai ga kuskuren horo ya fi na gwaji yawa, ya ɗauka lissafinsa ya rikice. Ba haka ba ne: a horo da gurguwar raga ake aunawa, a gwaji kuwa da cikakkiya.

Rabi ba doka ba ce. Ragar da ta yi ƙanƙanta, ko wadda misalanta suka yi yawa har ba ta da sararin hadda, hutar da rabinta nakasa ta kawai zai yi, kuma za a ga kuskure ya ƙi sauka a horo da gwaji duka. Ragar Transformer ta 2017, wadda manhajojin harshe na yau suka samo asali daga gare ta, ɗaya cikin goma ta hutar a ginin ta na asali. Wasu kuma da gangan suke barin ƙuri'ar a kunne lokacin aiki. Yarin Gal da Zoubin Ghahramani na Jami'ar Cambridge sun nuna a 2016 cewa idan aka maimaita tambaya ɗaya sau da yawa, yadda amsoshin suka warwatsu na iya nuna iyakar shakkar ragar.

Idan ba da wannan niyya ka bar ta ba, gwajin ba ya cin minti ɗaya. Ka ba ragarka hoto ɗaya sau biyu, ka kwatanta lambobin da ta fitar. In sun bambanta sosai, fara duba ko ka rubuta `model.eval()`.