Fom ɗin neman aiki da ya zo a hoto: abin da ya kamata ka tara kafin ka ɗauki biro

Yawancin labarin guraben aiki a yau ta waya yake iso mana. Wani ya je wata makaranta mai zaman kanta ko asibiti ko kamfani, ya ga fom a teburin mai karɓar baƙi, ya ɗauki hotonsa ya tura zauren WhatsApp na unguwa ko na tsofaffin ɗalibai. Kafin la'asar hoton ya zaga gari. Mai neman aiki kuwa, da ya gani sai ya ruga shagon kwamfuta a fitar masa da shi a takarda, ya tsaya nan bakin shagon ya cike da abin da ya iya tunawa. A nan ne sauri kan haifi nawa, domin mafi yawan kuskuren da ke sa a ajiye takardar mutum gefe a wannan tsayuwar ake tafka shi. Amfanin hoton na gaskiya shi ne ya nuna maka tambayoyin da za a yi maka tun kafin ka je, ka samu sararin tara amsoshinsu daga takardunka.

Da farko a ƙare wa hoton kallo. A buɗe shi sosai a duba kusurwoyi huɗu, domin mai ɗauka yakan yanke sama ko ƙasa ba da niyya ba, kuma a waɗannan wurare ne ake sa sunan ma'aikata, ranar rufewa da inda za a kai takardar. Idan a ƙasa an rubuta "Page 1 of 2", to akwai shafi na biyu da bai zo maka ba, kuma galibi a can ake sa hannu. A nemi shekara a jikin fom ɗin, saboda hotunan bara da na bara waccan suna ci gaba da yawo bayan an daɗe da ɗaukar ma'aikatan. Idan akwai lamba ta musamman da aka buga a saman takardar, wannan alama ce cewa kowane mai nema nasa fom ake ba shi. Wanda ya fitar da hoton ya cike zai kai takarda mai lamba ɗaya da ta mutum ɗari. Hoton da aka yi ta turawa daga waya zuwa waya kuma yakan dusashe, ƙananan rubutu su cakuɗe. Idan ba ka iya karanta wani layi ba, ka roƙi wanda ya ɗauka ya sake turo maka, ko ka je wurin da kanka ka karɓi na asali.

Zuwa wurin yana da wani amfanin, wato tabbatar da cewa aikin ma akwai shi. Manyan hukumomin tarayya ta shafukansu na intanet suke karɓar masu nema, kuma adireshin shafukan gwamnati kan ƙare da .gov.ng. Fom ɗin da aka ce na irin waɗannan hukumomi ne, amma ya zo a hoto da lambar asusun wani mutum a ƙasa don a tura "kuɗin fom", abin gudu ne. Haka wanda ya nemi lambar sirrin katin banki ko lambar da banki ke turowa ta saƙo. Babu mai ɗaukar aiki na gaskiya da ke bukatar waɗannan.

Idan ka gamsu da fom ɗin, sai ka samu farar takarda ka kwafe tambayoyinsa ɗaya bayan ɗaya, ka fito da takardunka ka baje su: takardar NIN, takardar haihuwa ko ta rantsuwar shekaru daga kotu, takardar shaidar asalin ƙaramar hukuma, sakamakon WAEC ko NECO, shaidar babbar makaranta, da ta hidimar ƙasa idan ka yi. Wanda ya manta lambarsa ta NIN yana iya danna *346# a layin da ya yi rajista da shi. Lambobi 11 ne, a ƙirga su bayan an rubuta. Kowace amsa daga takarda za ta fito, kada a amsa da ka.

Inda ya fi cin mutanenmu shi ne suna. Fom ɗin yana da gurabe uku, "Surname", "First Name" da "Middle Name", alhali mu ba mu taso da sunan dangi guda da ake gada ba. Mutum yakan haɗa sunansa da na mahaifinsa, wani ya ƙara na kaka ko na gari. A ce sunanka Musa, mahaifinka Ibrahim, garinku Gumel. A sakandare malamin da ya yi maka rajistar jarrabawa ya sa Ibrahim a matsayin sunan dangi, satifiket ya fito da Ibrahim Musa. Da ka je yin NIN ka ce Musa Ibrahim Gumel, aka sa Gumel a gurbin farko. A kwaleji kuma an rubuta Musa I. Gumel. A wurinka duk kai ne, kuma duk unguwa ta san kai ne. Amma ma'aikacin da ke tantance takardu bai san ka ba, abin da ke gabansa sunaye uku ne da ba su yi daidai ba. Idan kuwa kwamfuta ce ke gwada abin da ka rubuta da bayanan NIN, ba ta da uzuri ko kaɗan.

Me za ka yi? Ka jera yadda sunan ya fito a kowace takarda, harafi da harafi, a kan farar takardar nan. Ka lura har da rubutun, domin Muhammad da Mohammed da Muhammadu a wurin mai tantancewa ba ɗaya ba ne, haka Aisha da Aishatu. A ganina abin da ya fi tsaro shi ne ka cike fom da tsarin da ke kan NIN, tun da ita ce shaidar da aka fi komawa gare ta yanzu, sannan ka haɗa da takardar rantsuwa daga kotu mai bayyana cewa waɗannan sunaye duk na mutum ɗaya ne. Idan saɓanin babba ne, kamar macen da ta koma amfani da sunan miji bayan aure, akan ƙara da sanarwar canjin suna a jarida. Gyaran bayanai a hukumar NIMC yana yiwuwa, sai dai yana cin kuɗi da lokaci, don haka ba aikin daren rufe fom ba ne. Abin da bai kamata ba shi ne ka ƙirƙiro tsari na huɗu a kan fom ɗin don ka ga ya fi daɗin ji.

Ranar haihuwa ma haka take. A duba ƙaramin rubutun da ke jikin gurbin. Idan an sa DD/MM/YYYY, rana ce farko, sai wata, sai shekara da lambobi huɗu. Wanda aka haifa ran 4 ga Yuli 1999 zai rubuta 04/07/1999. Idan ya juya ya sa 07/04/1999, ya mai da kansa haifaffen 7 ga Afrilu, kuma fom ɗinsa ya saɓa wa takardar haihuwarsa. Satifiket ɗin WAEC na shekarun nan yana ɗauke da hoto da ranar haihuwa, saboda haka a gwada shi da NIN tun a gida. Rage shekaru don a shiga ƙa'idar da aka gindaya kuwa dabara ce mai tona kanta, domin shekarar gama firamare da ta sakandare suna nan a fom ɗin, kuma mai tantancewa ya iya lissafi. Wanda ya ce an haife shi a 1999 amma ya gama firamare a 2003 ya riga ya ba da kansa.

"State of Origin" jihar asali ake nufi, wadda takardar ƙaramar hukumarka ta nuna, ba inda kake zaune ba. Wanda ya girma a Kaduna amma shaidarsa ta Gumel ce, Jigawa zai rubuta, ya bar Kaduna ga gurbin adireshi. Ko da tsofaffin takardun gidansu suna cewa Jihar Kano, wannan ba kuskure ba ne, domin sai a 1991 aka fitar da Jigawa daga Kano, kamar yadda aka fitar da Katsina daga Kaduna a 1987 da Zamfara daga Sakkwato a 1996. Jihar yau ake rubutawa. A aikin gwamnatin tarayya wannan gurbi yana da nauyi, saboda rabon guraben yana la'akari da jihohi.

A ɓangaren karatu, shekarun da ke kan satifiket za ka sa, da sunan makaranta cikakke da darajar da ka samu yadda take. Idan sakamakon sakandarenka na zama biyu ne, ka rubuta duka biyun da shekarunsu da lambobin jarrabawa. Idan sakamako bai fito ba, ka faɗi haka, kada ka rubuta abin da kake fata. Mai digiri ko HND za a tambaye shi lambar satifiket ɗin kammala hidimar ƙasa, ko na yafewa ga wanda ya haura shekara 30 lokacin da ya gama karatu. Mai NCE ko ND ba ya cikin masu hidimar, sai ya rubuta N/A a wurin. Wannan ita ce ƙa'ida ga duk gurbin da bai shafe ka ba, don kada a zaci tsallakewa ka yi. Wurin da aka rubuta "For Official Use Only" kuwa na ma'aikata ne, ba a taɓa shi.

Akwai gurabe uku da ake yawan cakuɗawa. "Next of Kin" makusancin da za a nema ne idan wani abu ya same ka, mata ko miji ko mahaifi ko ɗan'uwa. "Referee" wanda zai ba da shaidar halinka da aikinka ne, kamar tsohon malaminka ko shugaban inda ka taɓa aiki, kuma galibi ba a son ɗan'uwa na jini. "Guarantor" ya fi nauyi, domin shi mai tsaya maka ne da za a iya tuhuma idan ka yi ɓarna. Duk wanda za ka sa a ɗayan waɗannan, ka same shi ka nemi izininsa, ka karɓi cikakken sunansa, muƙaminsa da lambar da yake ɗagawa. Ba ƙaramin abin kunya ba ne a kira dattijo ya ce bai san da maganar ba.

Lambar waya da imel su ne hanyar da za a kira ka, kuma abin takaici ne yadda ake sakaci da su. Ka sa layin da ke hannunka kullum. Idan an riga an buga +234 a gurbin, sai ka jefar da sifirin farko ka rubuta sauran lambobi goma. Imel ɗin da yaron shagon kwamfuta ya buɗe maka ba ka san kalmar sirrinsa ba, ba naka ba ne, kuma goron gayyatar ganawa zai iya shiga ciki ya kwana har ranar ta wuce. Ka buɗe shi a wayarka ka tabbatar yana aiki kafin ka rubuta shi.

Sai bayan duk wannan za a taɓa fom na gaskiya. A yi fotokwafinsa a fara gwaji a kai. Idan an ce BLOCK LETTERS, da manyan baƙaƙe za a rubuta, harafi ɗaya a kowane akwati, a bar akwati ɗaya tsakanin kalmomi. A yi amfani da kalar biron da aka ambata, a guji kankarewa da shafa farin ruwan gyara. Hoton fasfo ya zama na kwanan nan, a rubuta suna a bayansa ko da zai ɓalle. Sa hannu da kwanan wata su ne na ƙarshe, kuma su aka fi mantawa. Kafin ka miƙa, ka ba wani ya karanta maka fom ɗin da babbar murya kana bin takardunka da ido, sannan ka ɗauki hoton kowane shafi ka adana, domin ranar ganawa daga abin da ka rubuta za a yi maka tambaya. Kwafin takardunka za ka haɗa da fom ɗin. Na asali ka riƙe su a hannunka har ranar tantancewa, ka nuna su, ka koma gida da abinka.