Kafin Ka Aika Zane Ga Firintar 3D, Duba Ko Zai Riƙe Ruwa

Firintar 3D ba ta ganin kofi ko ƙugiya ko mutum-mutumi. Abin da take bi shi ne umarnin da manhajar yanka, irin su Cura ko PrusaSlicer, ta rubuta mata bayan ta yayyanka zanen hawa-hawa. Kofi mai tsayin milimita 80, in aka yanka shi a kaurin milimita 0.2, zai ba da hawa 400. A kowane hawa tambaya ɗaya manhajar take yi: ina ne ciki, da za a zuba roba, ina ne waje? In zanen bai ba da amsa ba, sai ta yi kirdado, kuma a nan ne roba da awoyin aiki suke salwanta.

Fayil ɗin STL, wanda kamfanin 3D Systems ya ɓullo da shi a 1987, fatar abu kawai yake ɗauke da ita, raga ce ta ƙananan alwatika da aka jera gefe da gefe. Dole fatar nan ta zama kamar tulu mai lafiya, wanda ba ya yoyo. Ƙa'idar kuwa gajeriya ce: kowane gefe ya haɗa fuska biyu cif. In fuska ɗaya ce tak a jikinsa, akwai rami. In uku ne, akwai wani bango da ya maƙale a ciki. Ban da haka, kowace fuska tana da gaba da baya, kuma gabanta ne ya kamata ya dubi waje. Wadda ta juya tana gaya wa manhaja cewa waje ne ciki.

Mu ɗauki kofin nan mai mariƙi, wanda aka yanka sai aka ga wasu hawa sun ɓace daidai inda mariƙin ya haɗu da jiki. A buɗe shi a Blender, manhajar kyauta ce, a shiga Edit Mode, a zaɓi yanayin gefe, sannan a bi Select > Select All by Trait > Non Manifold. Duk gefen da ya haskaka yana da laifi.

Kada a yi saurin toshe ramuka. Da yawa cikinsu ba ramukan gaske ba ne, ɗigo biyu ne suka hau kan juna ba tare da sun haɗu ba. Don haka a fara da Mesh > Clean Up > Merge by Distance, a bar tazarar a kan 0.0001 ɗin da take zuwa da shi, a ƙara kaɗan-kaɗan in bai wadatar ba. Wanda ya zuba babbar lamba zai ga ƙananan adon kofin sun narke cikin juna. Daga nan a nemo fuskokin da suka maƙale tsakanin mariƙi da jiki ta Interior Faces, a goge su. Abin da ya rage yana haskawa shi ne rami na gaskiya: a zaɓi gefensa duka, a danna F.

Akwai tarko a nan, kuma shi ya sa ba na son mutum ya dogara da maɓallin gyara na kai-tsaye, irin Make Manifold na 3D Print Toolbox, ba tare da ya duba sakamakon ba. In an zana kofin da fata ɗaya marar kauri, bakinsa ma rami ne a idon manhaja. Za ta iya rufe shi, ƙa'ida ta cika, amma abin da zai fito curi ne, ba abin shan shayi ba. Maganinsa shi ne a ba bangon kauri da Solidify, kamar milimita 2, tunda bakin da ke fitar da roba yawanci milimita 0.4 ne.

Gyaran fuskokin da suka juya shi ne na ƙarshe, domin manhaja ba ta iya tantance waje da kyau sai fatar ta rufu. A kunna Face Orientation, duk fuskar da ta nuna ja daga waje ta juya. A zaɓi komai da A, a danna Shift+N. In ja ya ƙi tafiya a wani wuri, galibi akwai sauran bango a ɓoye, ko mariƙin ya ratsa jiki ba tare da sun haɗe ba.

Bayan haka a sake neman Non Manifold har sai babu abin da ya haskaka. Sannan a yanka zanen, a buɗe Preview, a bi hawa-hawa tun daga gindi har baki, a daɗe a wurin mariƙin. In ka ga layin bango ya katse a wani hawa, ko cikin kofin ya cika da roba, koma Blender kafin ka kunna firinta.