Metallica da zargin sayar da kai: a auna kafin a yanke hukunci

A duniyar kiɗan rok, babu zagin da ya kai a ce wa mawaƙa sun sayar da kansu, wato sun bar salon da aka san su da shi don kwaɗayin kasuwa. Ƙungiyar Metallica, da aka kafa a Los Angeles a 1981, ta sha wannan zargi har ya zame mata jiki.

Da kiɗa mai gudu da kaushi suka fara, irin wanda gidajen rediyo ke gudu. A 1984 suka saki "Fade to Black", waƙar da ke buɗewa da jita mai sanyi, nan take wasu magoya baya suka ce an ci amanarsu. Yau kuwa waƙar na cikin waɗanda ake kafa hujja da su in ana yabon Metallica ta asali.

Babbar rigimar ta zo a 1991. Kundinsu na 1988 yana da waƙoƙin da ke kusan minti 10, masu yawan sauye-sauye. Sai suka ɗauko furodusa Bob Rock, wanda ya yi aiki da Mötley Crüe, suka rage gudu, suka gajarta waƙoƙi, suka fitar da kundin nan mai baƙin bango da ke ɗauke da "Enter Sandman". An sayar da kwafin kundin sama da miliyan 16 a Amurka kaɗai. Masu suka sun ce ga shaida nan, an sassauta kiɗan ne don rediyo. Mawaƙan kuma suka ce sun kai ƙarshen wancan salon, dogayen waƙoƙin ma suna gundurar jama'a a wajen wasa. Duka biyun na iya zama gaskiya, domin kunne sauyi yake ji, ba ya jin niyya. A 1996 kuma, da kundin Load ya fito, askin da suka yi ya ja surutu kusan daidai da kiɗan, abin dariya ga wanda ke waje.

Don haka kafin mai sauraro ya shiga sahun masu tsinuwa, ya tambayi kansa wace shekara ya fara jin ƙungiyar. Galibi kundin da mutum ya fara so shi yake kira na asali. Wanda ya shigo a 1991 Load yake zagi, wanda ya shigo a 1983 kuwa tuni ya yi fushi. Sannan mai sauraron ya raba sauyin salo da sha'anin kuɗi. A ganina ƙarar da suka kai shafin musayar waƙoƙi na Napster a 2000, har suka miƙa sunayen masu amfani da shafin sama da 300,000 aka toshe su, ita ce ta cancanci muhawara a kan kuɗi da amana, domin a nan magoya bayansu ne kai tsaye abin ya shafa.